Yankan akaifar mussa

"Maigida, an kawo mussa a yanke mata akaifa, ta ƙi tsayawa har ta yakushe ni. Yaya ake yi?"

Kai yaro, ka tuna mini da wani gida da na rasa a Gusau. Shekara shida ni ke duba ragunan Alhajin da dawakinsa. Rannan Hajiyarsa ta aiko a rage wa mussarta akaifa, irin mai yawan gashin nan, tana yaga mata kujeru. Ina Talata Mafara, sai na tura yaron da ke hannuna a lokacin. Saboda gaggawa ya sa almajirai biyu suka danne ta, ya ɗauko reza. Reza fa! Ya yanka har cikin jan, jini ya ɓata kafet, ita kuma ta kafa masa haƙori a babban yatsa. Kafin gari ya waye hannun ya kumbura. Ni na biya kuɗin asibiti. Alhaji kuwa ya riƙe mini kuɗin maganin raguna na wata uku, saura mako biyu Babbar Sallah, ya ba wani aikin. Har yau in na bi ta ƙofar gidan raina ɓaci yake.

Matsa tafin ƙafar a hankali, akaifar za ta fito. Ɗaga ta wajen haske. Za ka ga farin tsini mai lanƙwasa, daga ciki kuma wani ja-ja. Jan nan jini ne da jijiya, bar kamar milimita 2 tsakaninka da shi, tsinin kawai za ka cire da abin yanke akaifa mai kaifi. In ba kaifi, tsaga ta zai yi. Kada ka manta ta biyar da ke gefen ƙafar gaba, ba ta taɓa ƙasa, ita ce kan lanƙwashe ta shige nama. In jini ya fito, danna garin masara a wurin minti biyu.

Mai gardama kuwa, jira ta ci ta ƙoshi barci ya fara ɗibarta. Naɗe ta da tawul har wuya, ka fito da ƙafa ɗaya. Da ka ga kunnuwa sun kwanta, wutsiya na dukan ƙasa, tana gurnani, sake ta. In ta buɗe baki tana haki, aikin ranar ya ƙare. Ko biyu ka yanke ya isa, gobe ka ƙara. Ku yaran yanzu so kuke ku gama duka 18 a zama ɗaya ku koma kan waya. Wadda ta ƙi sam, likitan dabbobi ne zai yi mata allurar kwantarwa, ba kai ba.

Wannan yakushin, je ka wanke shi da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ka tambayi mai ita ko an yi mata rigakafin haukan kare. In ba a yi ba, asibiti za ka yau.