Muryar maigida kan akwatin tol da ya hi murhinshi

Tambaya: «Salamu alaikum maigida. Akwatin baturin sola nika yi da tol 15/10, gindi 400 da 300, tsayi 150 mili. Na yanka 700 da 600 cif, amma da na lanƙwasa sai murhin da na riga na yi ya ƙi shiga. Ina na kuskure?»

Wa alaikumus salam ƙanena, ina gajiya, ya aikin? Ka yi haƙuri tun jiya na ga saƙonka, ina kasuwar Katako wajen sayen kaya, sai yanzu na samu zama.

To metirinka lahiya lau yake, tol ɗin ne yake miƙewa wurin lanƙwasa kuma ba ka cire mishi wannan ba. In ka koma gida ɗauki katihwar soso ka naɗe ta ka dubi gehenta, za ka ga bayan ya ja ya miƙe, cikin kuma ya matse har ya yi tamoji. Ƙarhe ma haka yake yi, ido ne kawai bai gani. A tsakanin wurin da ya ja da wurin da ya matse akwai wani layi cikin kaurin tol ɗin wanda shi bai ƙaru ba bai ragu ba, kuma tsawon wannan layin shi ne tsawon da ya kamata ka yanka. Abin da ke ruɗa mutane, layin nan ba tsakiyar kaurin yake ba, yana gusawa wajen ciki. Wannan gusawar ita ce ake aunawa da lambar K, wadda masu zane da ordinater ke gani an rubuta `K-factor`. In K 0,5 ne layin yana tsakiya cif, in 0,33 ne yana kashi ɗaya cikin uku daga ciki. Baƙin tol irin namu yawanci tsakanin 0,33 da 0,45 yake hwaɗawa, kuma duk yadda ka matse lanƙwasar ta yi kaihi haka lambar ke sauka.

Yanzu mu yi da naka. Kauri, wato T, 1,5. Mu ɗauka R, reyon na ciki, wato ɗan zagayen nan da ke cikin ƙuryar, shi ma 1,5 ne, K kuma 0,4. Ga lissahin a ƙasa:

```
BA = 1,57 × (R + K × T) = 1,57 × (1,5 + 0,6) = 3,3
BD = 2 × (R + T) − BA = 6 − 3,3 = 2,7
```

Wannan na digiri 90 ne kaɗai fa. BA shi ne tol ɗin da zagayen ke ci da gaske, 3,3 mili. Kai kuma da ka tara awon waje, 150 da 400 da 150, ka lissafa kamar kusurwar mai tsini ce, ka ba ta 3 ta wannan gehe 3 ta wancan, shida ke nan, alhali ƙarhen yanke hanya yake yi ya bi zagaye. Bambancin shi ne BD, 2,7, kuma shi za ka cire a kowace lanƙwasa guda.

Tun daga nan zan iya gaya ma abin da ka samu ko ban ga akwatin ba. In inji mai V ka yi da shi kuma ka ja layi 150 daga baki, wannan rarar ta rabu biyu, rabi ga bango rabi ga gindi. Bangon ya hito 151 da ɗoriya, gindin kuma lanƙwasa biyu gare shi, ya kai wajen 402,7 da 302,7. Je ka auna ka gani. Murhin da anka bar ma sarari mili 1 ko 2, ta ina zai shiga?

Abin da ya kamata ka yanka 694,6 da 594,6 ne, layin lanƙwasa kuma 148,65 daga baki, ka ce 148 da rabi da ɗan kaɗan, don hannu bai wuce nan.

Amma ka saurare ni nan, don nan ne nika so ka riƙe. Waɗannan lambobin na misali ne, kada ka kama su ka tahi ka yanka tol sukutum. Reyon ɗin ba kai ke zaɓenshi ba, injin ne. A inji mai V, hwaɗin bakin V ɗin ke sa shi, ana ɗaukar kamar kauri sau takwas, wato V 12 ga tol ɗinka, in ka canza V komi ya canza. Kuma tol ɗin da anka ce ma 15/10 ne, sa mishi piye a kulis tukuna, ni na sha auna 1,3 ko 1,4. Na taɓa karɓar aikin akwati goma sha biyu, na yi amhwani da lambar da na saba da ita, ashe sabon tol ɗin da anka kawo mini ba kaurinsu ɗaya da na da ba, na yanke su duka rana ɗaya, wallahi sai da na sake murahu goma sha biyu da kuɗin aljihuna. Tun ranar ban sake sa almakashi ga babban tol ba sai na yi gwaji.

Gwajin minti biyar ne. Yanki ɗan guntu daga tol ɗin da za ka yi aikin da shi, tsawo 100 cif, hwaɗi kamar 40. Ja layi a 50, lanƙwasa da injin da za ka yi aikin, sa ekeri ka tabbata 90 ne don tol na ɗan komawa baya digiri ɗaya ko biyu in ka sake shi. Sai ka auna ƙahwahun biyu ta waje. In ka samu 51,3 da 51,4, sun tashi 102,7, cire 100, ga 2,7 ɗinka, ba kalkilatiris ba komi. In 102,4 ka samu to 2,4 ne naka, shi za ka bi, ba nawa ba. Kuma kada ka tara su kawai, dubi kowace ƙahwa daban. A injin hannu mai ganye, wanda ake danne tol a ɗaga, layin ba ya hwaɗawa tsakiyar zagayen, sai ka ga ɗaya ta hito 50,6 ɗaya 52,1. To ka san yadda za ka gusa layinka ke nan, in gehen da ya hito 50,6 shi ne bango, layinka 149,4 zai zama.

Sai kusurwoyi huɗun da ake cirewa. Su ma daga layin lanƙwasa za ka auna su, ba 150 ba. Inda layi biyu sunka gamu, huda shi da meshi 4 kahin ka yanka, in ba haka ba tol ɗin zai kumbura ko ya tsage nan, bangayen su ƙi haɗuwa ka zo kana cikewa da sudir. Ramin kabul ko na bulon kuma ka nisanta bakinshi da lanƙwasa kamar mili 6, in ya matso za ka ga ya koma kamar ƙwai.

Wanga akwatin da ka riga ka yi kada ka yar da shi, kuma kada ka ce za ka miƙe shi ka sake, wurin ya riga ya taurare, yana iya tsagewa. Murhi za ka sake. Auna akwatin yadda ya hito, ƙara mili 2 na sarari da henti, wannan shi ne cikin murhin. Ka kula, ciki na ce, sai ka ƙara kauri biyu ka samu awon waje kahin ka cire BD. Yi gwajin ka turo mini awon ƙahwahun biyu, da wane irin inji gare ka, mu hidda na murhin tare.