Awarwaron Hajiya Binta kafin waƙar buɗewa

"Kawu, barka da hutawa. Na turo maka rubutun halƙa ta tara, wato kashi na tara, na musalsal ɗinmu, fim mai dogon zangon da muke ɗauka a nan Jidda. Ina so in sa wani yanki na ƙarshen labarin a gaba, kafin waƙar buɗewa. Inna ta ce wannan ba al'adarmu ba ce, Bahaushe ba ya faɗa wa mutane babu sallama, kuma ba ya fara labari daga wutsiya. Yaya kake gani?"

Ɗana, na karanta rubutun sau biyu, jiya bayan lisha da kuma yau da hantsi. Allah ya yi maka albarka.

Ka tambayi mahaifiyarka ko ta tuna yadda kakarmu take yi mana tatsuniya. Da wuya tsohuwar nan ta buɗe baki da "ga ta nan, ga ta nan ku". Sai ta bari mun gama tuwo, muna guje-guje a tsakar gida, sannan ta ce kamar da kanta take magana: "Yau kuwa da an ji dalilin da ya sa zanzaro ya ɗame ƙugu." Nan take kowa zai nemi wuri a kan tabarma. Sai mun yi tsit za ta ce "ga ta nan", mu amsa "ta zo mu ji ta". To wannan "ga ta nan" ɗin ita ce waƙar buɗewarka, wadda Larabawan nan suke kira titir, kuma maganar zanzaron ita ce abin da kake son rubutawa. Haka ma in mace ta shigo gida da labari a unguwar Shara Mansur ta Makka, cewa take "an fasa auren wance", sai an ce "subhanallahi, garin yaya?" sannan ta aje jaka ta faro daga ranar da aka kai kuɗin gaisuwa. Saboda haka al'ada tana bayanka. Inda ƙanwata take da gaskiya shi ne tsohuwa ba ta taɓa gaya mana dalilin ɗamewar zanzaro tun a farko ba, kai kuwa a rubutunka ka faɗi dalilin.

Bari in bi labarinka yadda na fahimce shi. Hajiya Binta uwar adashi ce, mata goma suna zubin riyal 1,000 duk wata. Ranar kwasar Ladi ta zo, riyal 10,000 sun yi ƙafa. Ana ta zargi, har an fara kallon ɗan Hajiyar. A minti na 19 cikin 24 sai a gane cewa mijin Ladin ne da kansa ya zo a ɓoye ya roƙi Hajiya ta ba shi kuɗin ya sabunta iƙamar iyalinsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya haɗa ta da Allah kada matarsa ta ji. Labari ne mai kyau, kuma duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san nauyin wannan takarda. Amma yankin da ka ɗauko ka sa a gaba shi ne inda mijin ya durƙusa yana cewa "ni na karɓa". Idan na ga wannan a daƙiƙa 40 na farko, me zan zauna in jira? Duk zargin da za a yi wa ɗan Hajiya ya zama ɓata lokaci, domin na riga matan sanin gaskiya, ina zaune ina jiran su cim mini.

Kowane ƙarshen labari yana da abin da ya faru, da wanda ya jawo shi, da dalili. A buɗewa irin wannan kana bayar da na farko ka riƙe sauran biyun. Da ni ne, ga abin da zan sa.

Falon Hajiya Binta, bayan la'asar. An riga an zauna, shayi ya huce a finjali babu wadda ta taɓa. Hajiya tana zare awarwaron zinarenta ɗaya bayan ɗaya tana sawa a kan faranti, ana jin ƙarar kowanne. Na ƙarshe ya ƙi fita, ta murɗa shi da ƙarfi har wuyan hannunta ya yi ja. Ta tura farantin gaban Ladi ta ce: "Ɗauki ki kai kasuwa. Amma kada wadda ta sake tambayata inda kuɗin suka shiga." Ladi ta miƙa hannu. Daga bayan labule a ga takalmin namiji a bakin ƙofa, ya matso kamar zai shigo, ya tsaya. Sai ka yanke, waƙa ta shigo.

Wannan bai kai shafi ɗaya da rabi ba, kuma tunda shafi guda na rubutun fim yakan ci kusan minti guda, kana da daƙiƙa 70 zuwa 80. Ya isa. A halƙa mai minti 24, in buɗewa ta haura minti biyu, mai kallo ya riga ya miƙe ƙafa a cikinta, sai waƙar ta zo masa kamar an katse shi yana magana.

Dubi abin da yankin ya yi. Wanda ya gan shi da farko zai ce Hajiya ta ci amana, ga shi tana biya da zinarenta, tana kuma borin kunya. Idan aka dawo wurin a minti na 19, hoto ɗaya ne, magana ɗaya ce, amma yanzu an san rufin asiri take yi wa gidan wadda take wulaƙanta ta, kuma an san mai takalmin. A wurina wannan ne ma'aunin: in an maimaita yankin a ƙarshe, dole ma'anarsa ta juya ba tare da ka canja ko kalma ɗaya ba. In an dawo an tarar da shi yadda aka bar shi, to tallar ƙarshen kawai ka yi.

Takalmin nan kuma kada ka raina shi. Shi ne ɗan abin da ka ba mai kaifin ido ya riƙe. Ka bari a sake ganinsa sau ɗaya a tsakiyar halƙar, a jere da wasu a ƙofar masallaci, kyamara ta wuce ba ta tsaya a kai ba. Wanda ya lura zai ji daɗin kansa, wanda bai lura ba zai koma baya ya duba ya ce ashe an nuna mini. Amma ka tabbata ɗan Hajiya ma ana ganinsa da irin wannan silifa, in ba haka ba ka tona da wuri.

Maganar sallama kuwa, a nan ne marubutanmu suka fi faɗuwa, domin ladabi yana bin mu har kan takarda. A rubutunka na ƙirga gaisuwa layi bakwai kafin a zo kan magana: ina wuni, ina gajiya, yaya yara, yaya zafi. Gaisuwa tana da gurbinta bayan waƙa, inda labari ya koma farko, kuma can ina so ka bar ta cikakkiya, don a ga irin mutuncin da ke tsakanin matan kafin ya zube. A buɗewa kuwa, mutanen sun riga sun gaisa, mu ne muka makara. Ka gaya wa Innarka babu wadda ta shiga falon Hajiya ba sallama, kyamara ce ta iso bayan an amsa.

Akwai wani kuskure da na taɓa yi da hannuna, lokacin da nake rubuta wa wata tasha wasan kwaikwayo a Kano, kafin in taho Makka. Na buɗe wani kashi da kururuwar mata ana salati, an ce maigida ya rasu. Mutane suka zauna. A ƙarshe sai na nuna mafarki uwargida take yi. Washegari a majalisa wani dattijo ya ce da ni: "Malam, jiya ka ci bashinmu ka biya da iska." Mako na gaba na yi buɗewa ta gaskiya, babu wanda ya yarda da ita. Don haka abin da ka nuna a gaba ya zama ya faru da gaske a labarin, kuma ya faru a cikin wannan halƙar. In ka ɗauko daga halƙa ta goma sha biyu, wanda ya kalli ta tara har ƙarshe zai tashi hannu wofi, ranar da biyan ya zo kuma ya manta da alkawarin.

Bayan waƙa ka rubuta a allo "Kwana uku kafin nan", kada ka dogara da cewa za a gane. Sannan abu na farko da za a gani ya zama hannun Hajiya da awarwaronta cif, tana ƙirga kuɗin zubi tana dariya. Wannan hoton kaɗai ya gaya wa wanda bai iya karatu ba cewa an koma baya, kuma ka san da yawa cikin iyayenmu mata da za su kalla a waya ba sa bin rubutun allo.

Ranar ɗauka, ku ɗauki zaman falon sau ɗaya gaba ɗayansa, daga shi za a yanko na buɗewa. In kuka raba shi kwana biyu, sai ka ga mayafi ya sauya, ko awarwaro shida sun zama biyar, kuma mata ba sa kuskuren ƙirga zinare. Ka roƙi mai kyamara ya ɗauki ƙofar iri biyu, ɗaya takalmi kawai, ɗaya har fuska, ta biyun ka aje ta sai minti na 19. Kada kuma a sa kiɗa a ƙarƙashin yankin. Ƙarar awarwaro a kan faranti ta fi kowane kiɗa, kuma shirun ne zai sa waƙar ta shigo da ƙarfi.

In an haɗa, ka nemi mutum biyu ko uku da ba su san labarin ba, ban da abokan aikinka, ka nuna musu daƙiƙa 80 ɗin kaɗai, ka tsayar, ka yi shiru. In suka ce "mijin Ladi ne ko?", ka bayar da yawa, rage daɗewar kyamara a kan takalmin. In suka ce "su wa ke nan, me ake yi?", ka yi rowa, wataƙila sai wata ta ambaci kalmar adashi a fili kafin Hajiya ta yi magana. Abin da kake nema shi ne su ce "to ina ta kai kuɗin?" su miƙo hannu su danna ci gaba. Ka fara gwadawa da Innarka, tunda ita ta ɗaga maganar, kada ka ce mata komai, ka dai lura ko za ta ce a mayar mata da wayar.

Idan ka gyara shafin farkon ka turo mini kafin Juma'a, domin mako mai zuwa ina Madina. Ka gaishe ta, ka ce mata zuman da ta aiko ya iso.