Babban mai saye ya matsa sai an yi masa ragi: me ya halatta in nema a madadinsa?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina sayar da sabulu a sari a Kasuwar Singa. Akwai wani Alhaji da ke ɗaukar katan 500 duk wata, kowanne a ₦20,000, bashi na kwana talatin, kuma ni ke biyan mota ₦150,000. Ni ina saro katan a ₦18,600. Yanzu ya ce ko in rage masa ₦1,000 a katan ko ya koma wani wuri. Na yi niyyar in ce masa ba ragi sai da wani abu daga wajensa: ya ɗauki kayansa da kansa, ya biya hannu da hannu, ya ajiye mini miliyan uku in riƙa juyawa, kada kuma ya sayi sabulu a wajen kowa sai ni. Akwai kuma miliyan goma na watan jiya da saura kwana ashirin lokacinsu ya yi, ina so in yafe masa ₦200,000 ya biya yau. Wanne ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, ƙin yin ragi kyauta ba rowa ba ne, ba kuma zalunci ba. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta halatta fatauci bisa yardar juna, shari'a kuwa ba ta wajabta maka sayar da kayanka a farashin da mai saye ya yanka ba. Lissafinka ma ya nuna dalili. Ribarka a katan ₦1,400 ce, mota ta ci ₦300, saura ₦1,100. In ka rage ₦1,000, abin da zai rage maka a katan 500 ₦50,000 ne kacal, alhali dukiyarka ta fi miliyan tara tana hannun wani har wata guda. Don haka neman musaya daidai ne. Sai dai abubuwa biyar da ka lissafa ba hukuncinsu ɗaya ba.

Ɗaukar kaya da kansa babu komai a cikinsa. Rage masa ₦300 ɗin da kake ba mota, ba ka yi asarar ko kwabo ba. Ka dai lura cewa a mazhabar Malikiyya kayan da ake sayarwa da awo ko ƙirge suna kan lamunin mai sayarwa har sai an ƙirga wa mai saye. A ƙirga a sito a gaban yaronsa, ya sa hannu. Daga nan in ruwa ya jiƙa kaya a hanya, asararsa ce.

Biya hannu da hannu a farashi mai sauƙi shi ma halal ne a wajen jumhurun malamai. Kana iya cewa: nan take ₦19,300, bashin wata ₦19,700. Sharaɗin shi ne ku tsaya a kan ɗaya kafin ciniki ya ƙullu. In mota ta tashi da kaya a kan cewa "ka zaɓa daga baya, in ka biya da wuri kaza, in ka jinkirta kaza", an faɗa cikin ciniki biyu a ciniki ɗaya, wanda hadisi ya hana, domin ba a san farashin ba. In ya zaɓi ₦19,300, ribarka ₦700 ce a katan, ₦350,000 ke nan a lodi, kuma kuɗinka ya dawo ran nan ka sake saro wani.

Yanzu ga inda 'yan kasuwa da yawa ke zamewa, wato miliyan goman nan. A ido, rage ₦400 don a biya nan take da yafe ₦200,000 don a biya da wuri kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. A fiƙihu sun sha bamban. Na farko tsayar da farashin kaya ne kafin a sallama. Na biyu kuwa kaya sun riga sun tafi, abin da ya rage kuɗi ne a wuyan mutum zuwa ajali, sai ka sayi kwana ashirin da ₦200,000. Wannan shi ne malamai ke kira "da'a wa ta'ajjal", ma'ana rage ka gaggauta. Imam Malik ya hana shi a Muwaɗɗa, ya kwatanta shi da mai jinkirta wa wanda yake bi bashi don ya ƙara masa, kuma haka mashhurin mazhabobi huɗu yake. Hujjarsu ita ce wanda ya biya kafin lokaci kamar ya ranta maka ₦9,800,000 ne don ya kuɓuta daga ₦10,000,000 bayan kwana ashirin, rance ke nan da ya jawo amfani.

Ba zan ɓoye maka saɓani ba. An ruwaito halascinsa daga Ibn Abbas, Ibn Taimiyya da Ibn Ƙayyim sun zaɓe shi, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na Jidda a 1992, bisa sharaɗin ba a yi yarjejeniyarsa tun farko ba, kuma ba wani na uku da ya shiga tsakani. Amma abin da nake ba ka fatawa da shi shi ne ka bari, don kana da hanya mai tsabta. Jira kwana ashirin ɗin ya biya ka cif. In ajali ya cika ka ga dama ka yafe masa wani abu ba tare da an ƙulla tun da fari ba, wannan kyautatawa ce. Sabon tsari kuma ya fara daga lodi na gaba, kada a ɗaura sauƙinsa a kan ya gaggauta biyan tsohon bashi. Haka nan kada ka rubuta masa tarar jinkiri, wannan kuɗin ruwa ne ƙarara.

Miliyan ukun da kake so ya ajiye maka bai halatta ba. Ko an kira shi ajiya, tunda za ka juya shi kuma ka lamunce mayarwa, rance ne, kuma Annabi (SAW) ya hana haɗa rance da ciniki, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ragin da zai samu ya zama ladan rancensa. In jari kake buƙata, ku yi cinikin salam: ya biya kuɗin kayan gaba ɗaya, ka kawo su a ranar da kuka sa. A faɗi irin sabulun, nauyin kowanne, guda nawa a katan da adadin katan. Malikiyya sun yarda a jinkirta kuɗin har kwana uku, kuma suna so ajalin kaya ya kai kamar kwana goma sha biyar. Miliyan uku a ₦18,750 katan 160 ne. Kai za ka duba ko ribar ₦150 ta biya ka, ka kuma tuna in kamfani ya ƙara kuɗi kafin ranar, kai za ka ɗauka.

Sharaɗin kada ya saya a wajen kowa ban so shi ba. Ba kowane sharaɗi ne ke ɓata ciniki ba, Jabir ya sayar wa Annabi (SAW) raƙuminsa ya kuma sharɗanta hawansa zuwa Madina. Amma wannan ƙuntata wa mutum ne a dukiyarsa ba iyaka, kuma kai kanka ba za ka iya sa ido ka tabbatar ba. Mayar da shi adadi: duk lodin da ya kai katan 700 yana da farashi kaza. Ku bar shi alkawari, kowane lodi da cinikinsa, domin in kuka ƙulla cinikin shekara yau, ba kuɗi a hannu ba kaya a ƙasa, an sayar da bashi da bashi.

Wallahu a'alam.