Jauharin Ash'arawa da ƙwayar zarra da aka fasa

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ji an ce malaman Ash'ariyya sun kafa hujjar samuwar Allah a kan ƙwayar da ba ta rabuwa. To mu kuma an koya mana a kimiyya cewa tuni aka fasa ƙwayar zarra. Shin hujjar ta rushe ke nan?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi shekaru ina karantar da tauhidi a Islamiyya, kuma da wuya zango ya wuce wani ɗalibin kimiyya bai tare ni da wannan ba.

Abin da malaman ke kira jauharul fardi ba shi ne zarrar ɗakin gwaji ba. Su da hankali suka kai gare shi: ka yi ta raba jiki, har ka isa inda rabuwa ba ta yiwuwa ko a zuci. Duk abin da aka iya fasawa, a ƙa'idarsu tun asali jiki ne haɗaɗɗe. Mu'utazilawa ne suka fara wannan magana a cikin Musulmi, irin su Abul Huzail na Basra, sannan Alƙali Baƙillani, Bamalike a Bagadaza da ya rasu a 1013, ya gyara mata zama a mazhabar Ash'ari.

Ranar da malaminmu ya karantar da mu wannan a zaure, ƙwayar gero ya ɗora a tafin hannunsa, ya ce mu kwatanta ta da dutsen Dala. Ya ce in kowannensu yana rabuwa ba iyaka, to sassan wannan ba su ƙarewa, na wancan ma haka, da me dutsen ya fi gero girma? Littattafai da ƙwayar komayya suke misalin. Sai ya murza geron da ɗan yatsa, ya gangara, ya tsaya. Ya ce: "Wannan tsayawar fa, ɗazu tana ina?"

A nan ainihin hujjar take. Motsi da tsayuwa arali ne, wato sifa mai bijiro wa jiki. Muna ganin motsin ya zo bayan babu shi, ya kuma tafi, don haka fararre ne. Jiki kuwa ba ya taɓa rabuwa da ɗayan biyun, ko yana motsi ko yana tsaye. Abin da bai rabu da fararre ba bai riga shi samuwa ba, shi ma fararre ne. Fararre kuma samuwarsa da rashinsa daidai suke, sai da wanda ya rinjayar da samuwar. Haka Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya jera ta a Ummul Barahin da ake karantawa a zaurukanmu. In ka lura, da jirmi yake magana, wato duk abin da ya cike gurbi, ƙarami ko babba. Sa ilektiron a wurin geron nan, jerin bai canza ba.

Amma kada in ɓoye maka, shi jauharin kansa ya sha suka tun kafin kimiyyar zamani. Ibn Sina da mabiyansa sun ce a jera jauhari uku: in na tsakiya ya hana na gefe haɗuwa, to yana da ɓangaren dama da na hagu, ya rabu ke nan. Akwai kuma misalin dutsen niƙa mai juyawa, wanda ni da tayar keke nake nuna wa ɗalibai. Bakin taya ya fi cibiya nisan tafiya a juyi guda. In baki ya matsa jauhari ɗaya, cibiya ta matsa ƙasa da ɗaya, alhali an ce babu ƙasa da ɗaya. Amsar da masu jauhari suka bayar ita ce sassan dutsen suna warwarewa, na ciki suna ɗan tsayawa ba tare da ido ya gani ba. Gaskiya wannan amsa ba ta taɓa kwanta mini ba. Hujjar geron ma masana lissafi sun amsa ta, domin rabuwa ba iyaka ba ta tilasta girma ya zama ɗaya.

Inda ya kamata ka sa ƙarfinka shi ne wani wuri daban. Masu sharhi sun lissafa abubuwa bakwai da hujjar ke tsaye a kansu, kamar cewa arali ba ya ƙaura daga jiki zuwa jiki, kuma ba ɓoyewa yake yi ya sake bayyana ba. Na bakwai ya fi nauyi: kore fararru marasa farko. Wani ɗalibina ya taɓa cewa, "Malam, na yarda kowane motsi sabo ne, amma me zai hana a ce kafin kowane motsi akwai wani, ba farko?" Na ji daɗin tambayar ƙwarai, don a nan Ibn Rushdi da Ibn Taimiyya suka matsa wa Ash'arawa. Na ba shi amsar Imamul Haramaini, Juwaini, wanda ya rasu a 1085: in mutum ya ce ba zan ba ka dirhami ba sai na riga na ba ka wani kafinsa, wancan ma sai da wani kafinsa, yaushe kuɗin zai shiga hannunka? Ranar yau kuwa ga ta ta iso gare mu, ke nan jerin yana da farko. Ya yi shiru, ya ce zai je ya yi tunani, mako na gaba ya dawo da wata tambayar a kan lissafin abin da ba shi da iyaka, muka kwashe darasin ranar duka a kanta.