Falle nawa na silin zai ishe ni?

"Falona mita 5 ne da mita 4, akwai bim a tsakiya da ya ratsa ta gajeren ɓangaren, ga kuma ƙofar shiga cikin rufi. Falle nawa zan saya?"

Malam, kada ka auna falon a dunƙule, bim ya riga ya raba shi gida biyu. In faɗin bim ɗin santimita 23 ne, kowane gida zai tashi kusan mita 2.38 da mita 4. Fallen da aka saba, mai ƙafa 4 da 8, wato kusan mita 1.2 da 2.4, tsawonsa zai cike daga bango zuwa bim, ɗan datsewa kawai kafinta zai yi. Uku za su jeru a kowane gida, a bar gibin santimita 40. Falle ɗaya ya isa a yanko na gibin biyu, ka ga bakwai ke nan. Sayi takwas, don baki kan gutsure wajen saukewa daga mota.

Ƙofar nan kuwa kada ka cire ta daga lissafi, abin da aka yanke shi ake mayarwa murfi.

In kana so a lulluɓe bim ɗin, kuma ya sauko kamar santimita 30, ƙara falle biyu.