Zan ƙara kuɗin wanki da guga, yaya zan sanar?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon wanki da guga a Kano. Sabulu da sitaci da man janareta duk sun tashi, dole in ƙara kuɗi. Yaya zan rubuta sanarwa kwastomomi ba su watse ba?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Na daɗe a wannan sana'a, kuma abin da na gani shi ne ba ƙarin ne ke korar mutum ba. Abin da ke korarsa shi ne ya zo ɗaukar kayansa da kuɗin da ya saba, yaron shago ya ce masa "ai an ƙara" a gaban jama'a. Wannan kunyar ba ya mantawa da ita.

Saboda haka babban abin da sanarwarka za ta warware shi ne maganar kayan da ke hannunka. Mu ba kamar masu kanti ba ne da ake biya a tafi. Ana kawo mana kaya yau, a biya bayan kwana uku. To wanda ya kawo ana gobe za a fara sabon farashi, wane kuɗi zai biya? Ka rubuta ƙarara cewa ranar da aka karɓi kaya ita ce ma'auni, wato kwanan watan da ke kan rasit. Za ka yi asarar 'yan ɗaruruwa a makon farko, amma ka toshe ƙofar gardama. Haka masu biyan wata: ka bar su su cinye watan da suka biya a tsohon farashi.

Ga misali, sai ka sa naka alƙaluman:

"Assalamu alaikum. Muna sanar da abokan hulɗarmu cewa daga 1 ga Maris, riga da wando na shadda zai koma naira 1,000 maimakon 800, babbar riga 1,800 maimakon 1,500. Kayan yara da zannuwan gado suna nan yadda suke. Dalili shi ne tsadar man janareta da sitaci. Duk kayan da muka karɓa kafin ranar, tsohon farashi za a biya. Lokutan buɗewa da ranar ɗaukar kaya ba su canza ba. Mun gode da amanarku."

Ka lura an faɗi tsohon kuɗi da sabo a naira. Kada ka ce "an ƙara kashi ashirin da biyar cikin ɗari", ba mai tsayawa lissafi, kuma a kunne ya fi naira 200 girma. An kuma faɗi abin da bai canza ba, wanda shi ne ke kwantar da hankali, ba yawan ba da haƙuri ba. Sanarwar da ta cika da "don Allah ku yi haƙuri, ba a son ranmu ba" tana nuna wa mutane akwai ƙofar ciniki, kowa sai ya zo neman ragi. Dalili ma jimla ɗaya ta isa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu wanda sai ka yi masa darasin tsadar mai.

Ka ba da tazarar mako biyu, kuma kada ranar farawa ta faɗo a jajiberin Sallah, lokacin da shago ke cika da shadda. Ko da gaskiyarka, za a ce ka ga kasuwa ne ka tsawwala. Sannan ka zauna ka yi lissafi, ka ƙara abin da zai riƙe ka wasu watanni. Ƙarin naira hamsin duk bayan mako uku ya fi ƙarin 200 sau ɗaya ɓata rai. Kuma ka zaɓi kuɗin da ba ya jawo rigimar canji.

Wajen isarwa, ka manna takarda a ƙofa da kuma kan teburin karɓar kaya. Idan za ka tura ta broadcast na WhatsApp, ka sani wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba saƙon ba zai same shi ba, don haka kada ka dogara da shi kaɗai. Ka haɗa da saƙon murya saboda waɗanda karatu ke yi wa wuya. Manyan kwastomomi kuwa, irin gidan da ke aiko da ƙunshin kaya duk mako, ka kira maigidan da kanka, domin sau da yawa direba ko yaro ne ke kawo kayan, ba ya isar da abin da ya gani a bango.

Kafin duk wannan, ka tara yaran shagonka ka karanta musu sanarwar, kowa ya riƙe amsa iri ɗaya. Idan ka ji kwastoma na cewa "ai wancan yaron 800 ya karɓa a hannuna jiya", to daga cikin gida matsalar take, sai ka fara gyara can.