Gasa kaza guda a obin: agogo na kimantawa, cinya na yanke hukunci

"Yaya, na samu gurbin karatu a Ingila, watan Satumba zan taho. An ce mini kaza guda ta fi yankakkiya araha, kuma akwai obin a kicin ɗin ɗalibai. Ni kuwa ban taɓa kunna obin ba, gashin gawayi kawai na sani. Wuta nawa zan sa, minti nawa za ta yi, kuma ta yaya zan gane ta gasu har ciki?"

Ƙanena, barka da wannan arziki, Allah ya kawo ka lafiya. Kafin mu je ga wuta, bari mu fara daga wajen mahauci, domin a can ake fara kuskure. A shagunan naman halal na nan za ka tarar da kaza iri biyu. Akwai tsohuwar kaza mai ƙwai, mai tauri, wadda ta fi kama da kazarmu ta gida. Ita ta farfesu ce da miya, in ka sa ta a obin sai ta bushe ta zama kamar igiya. Wadda kake so ita ce mai taushi, irin wadda muke kira kazar gidan gona. Ka nemi mai nauyin kilo ɗaya da rabi ko sama da haka kaɗan, kuma ka duba nauyin a jikin leda ko ka sa mahauci ya auna maka, saboda duk lissafin lokaci a kan nauyin nan yake.

Zafin da nake amfani da shi digiri 190 ne a ma'aunin Salsiyas. Amma ka lura da obin ɗin da ka samu. Wasu na gidajen ɗalibai suna da fanka a ciki mai juya iska mai zafi, za ka ga hoton fanka a jikin maɓallin. Irin wannan ya fi saurin gashi, don haka sai ka rage 20, ka sa 170. In na gas ne mai lambobi daga 1 zuwa 9, lamba 5 ita ce daidai. Akwai kuma wata alama mai zane kamar haƙoran zarto a sama, ka guje ta a wannan aikin: wuta ce daga sama kaɗai, za ta ƙone fata cikin ƴan mintuna ta bar ciki ɗanye. Ka kunna obin ya yi kamar minti goma sha biyar babu komai a ciki kafin ka sa kazar. In ka sa ta a obin mai sanyi, lissafinka ya rushe tun daga farko.

Lissafin shi ne minti 45 ga kowane kilo, sannan ka ƙara minti 20 a kai. Mu ɗauka ka sayo mai kilo 1.6. Ka ninka 45 sau 1.6, ka samu minti 72, ka ƙara 20, ya zama minti 92, wato awa ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. In ka sa ta ƙarfe shida na yamma, da bakwai da rabi za ka fara dubawa. Mai kilo biyu kuwa minti 110 za ta ɗauka. Ka ɗora ta a tire ƙirji na kallon sama, a tsakiyar obin, kuma ka daure wa zuciyarka ka bar ƙofar a rufe. Duk buɗewa ɗaya zafi ne ke fita.

To, ga inda nake so ka tattara hankalinka. Lissafin nan kimantawa ce kawai, domin obin da obin sun bambanta, musamman tsofaffin da mutane da yawa ke amfani da su. Abin da zai gaya maka gaskiya cinya ce. Namanta na da kauri, tana manne da jiki inda zafi ke daɗewa bai kai ba, shi ya sa ita ke zuwa ƙarshe wajen nuna. Ƙirji kan riga ta, fata kuma tana iya yin ja mai kyau tun ciki bai je ko'ina ba. Na gani da idona a watannina na farko a nan: na fitar da kaza fatarta ta yi jawur tana ƙamshi, na gayyaci abokan zama, ina sa wuƙa a gaɓar cinya sai ga jini. Ban bar ta ta narke sosai daga firiza ba, cikinta da sauran ƙanƙara na sa ta a wuta.

Hanya mafi tabbas ita ce ka sayi ɗan ma'aunin zafin nama mai tsinke, ba shi da tsada. Ka fito da tiren, ka soka tsinken a wuri mafi kauri na cinya, ta cikin lungun da ke tsakaninta da ƙirji. Kada bakin tsinken ya taɓa ƙashi, don zai ba ka lambar da ba ta naman ba ce. Abin da kake nema digiri 75. Ka gwada cinyoyin biyu, saboda wani obin ɗin gefe ɗaya ya fi zafi. In ka ga 68 ko 70, mayar da ita ka ƙara minti goma, ka sake aunawa. Kuma kada ka damu in cinya ta haura zuwa 80, ita tana da kitse, ƙarin zafi taushi yake ƙara mata. Ƙirji ne ba ya son wuce gona da iri.

In ba ka da ma'auni, ka soka wuƙa mai tsini a wannan wurin, ka danna da cokali ka kalli ruwan da zai fito. In ya fito garau kamar romo, ba ja ba ruwan hoda, ta yi. Ka kuma kama ƙafar ka motsa, ta gasasshiya tana lilo cikin sauƙi a gaɓarta. Sannan ka ɗan yanka tsakanin cinya da jiki ka leƙa: naman ya zama yana tururi, babu wurin da yake sheƙi kamar ɗanye. Dalilin wannan tsanani ƙwayoyin cutar da ke jikin ɗanyar kaza ne, masu kawo gudawa da zazzaɓi na kwanaki, kuma zafi ne kaɗai ke kashe su.

Daskararriyar kaza ka sauke ta cikin firij, a kwano, a can ƙasa, ta kwana ta wuni, sai ka sa hannu cikinta ka tabbatar babu ƙanƙara. A nan ne kuma za ka ciro ƴar ledar da wasu ke sa ƙundu da hanta a ciki. Batun wanki, na san yadda muka taso, amma hukumar kula da lafiyar abinci ta nan tana hana wanke ɗanyar kaza a famfo, don ruwan na fantsama kan kwanuka da teburin da wasu ke amfani da su. Ni goge ta nake yi da takardar kicin har ta bushe, kuma busasshiyar fata ta fi yin ƙaras-ƙaras.

Ka shafa mata mai da gishiri, tafarnuwa da citta, ka tura albasa guda cikinta. Yajin ƙuli da na san za ka taho da shi, ka ajiye shi sai saura minti goma sha biyar, ko bayan ka sauke. Gyaɗar cikinsa ba ta jure awa ɗaya da rabi a wuta, tana ƙonewa ta yi ɗaci, hayaƙinta kuma na iya tada ƙararrawar gobara ta gidan gaba ɗaya. In ka ga fata ta yi duhu tun lokaci bai cika ba, ka yafa mata takardar foyil a sama.

Da ka sauke, kada ka yanka nan take. Ka bar ta ta huta minti goma sha biyar, ruwan naman ya koma ya zauna, in ba haka ba duk a kan katako zai tsiyaye. Romon da ya taru a tire ka juye shi a kan shinkafa. Abin da ya rage ka zare shi daga ƙashi, ka sa a firij kafin awa biyu ta cika, ka cinye cikin kwana biyu, sauran kuma ka ƙulla kashi-kashi ka sa a firiza.